Yadda za ka gane lissafin UC, dayamon da akwatin sa'a a gem, ka kuma toshe hanyar cire kuɗi bisa kuskure

PUBG Mobile, Free Fire, Call of Duty Mobile da eFootball duk kyauta ake sauke su, amma kowanne da shagonsa a ciki, kuma shagon ba ya rubuta farashi da naira ko sefa. Kowanne da nasa kuɗin gem: PUBG yana da UC, Free Fire yana da dayamon, Call of Duty yana da CP. Kuɗin mutum kan bi ta ƙofa biyu kafin ya ƙare. A ta farko, kuɗin gaske ya fita daga banki ya zama UC. A ta biyu, UC ya zama riga, ko adon bindiga, ko akwatin da ba a san abin da ke ciki ba. Kowace ƙofa da irin hanyar tsare ta, kuma yawancin asarar da ake yi tana faruwa ne saboda an tsare ɗaya an bar ɗaya, ko kuma an bar duka biyun a buɗe. Za mu yi aiki da PUBG Mobile a kan wayar Android, tunda ita ta fi yawa a hannun jama'a, amma lissafin ɗaya ne a sauran.

Mataki na farko: mayar da UC zuwa kuɗin da ka sani

Kunshin UC da aka saba gani guda shida ne: 60 a kan dala 0.99, 325 a kan 4.99, 660 a kan 9.99, 1,800 a kan 24.99, 3,850 a kan 49.99, sai 8,100 a kan 99.99. Farashin da za ka gani da naira yana bin canjin dala da shagon da ka saya, don haka ka duba na ranar, kada ka dogara da wanda aboki ya faɗa maka bara.

Aikin ba wuya. Ɗauki farashin kunshin da ka saba saya, ka raba shi da yawan UC ɗin. Mu ɗauka dala tana kan naira 1,500, don lissafi ya yi sauƙi. Kunshin 660 ya kama kusan naira 15,000, wato kowane UC ɗaya kusan naira 22.7 ke nan. Rubuta wannan lambar a wani wuri. Daga nan duk farashin da ka gani a shagon gem, ninka shi da ita kafin ka taɓa komai. Abin da aka sa wa UC 60 kusan naira 1,360 ne. Na UC 1,080 ya haura naira 24,000. Ido ba ya jin zafin 1,080 idan an rubuta shi kusa da ɗan tambarin UC, amma ya san nauyin naira 24,000 sarai, kuma wannan bambancin shi ne babban amfanin kuɗin gem a wajen kamfani.

Sai kuma maganar ragowa. Ka lura da yadda aka yanka kunsoshin: ba kasafai suke dacewa da farashin kaya ba. A ce kana son abin da yake UC 360. Kunshin 325 ya gaza da 35. Ko dai ka ƙara na 60, ka biya dala 5.98 ka rage da UC 25 da ba za su sayi abin kirki ba, ko kuma ka haura zuwa na 660, ka biya 9.99 ka rage da 300. Waɗannan 300 ɗin ba za a mayar maka da su naira ba, ba za ka tura su banki ba, suna nan a saman allo kullum kana ganinsu. Da zarar wani abu na 400 ya fito, zuciya za ta ce ai saura 100 kawai. Da wannan 100 ɗin ake sayen kunshi na gaba.

Babban kunshi ya fi araha a kan kowane UC, wannan gaskiya ne. A na 60, UC ɗaya yana kan santi 1.65, a na 8,100 kuma kusan santi 1.23. Amma rangwamen yana da amfani ne kawai ga wanda da ma ya yi niyyar kashe wannan adadin. Wanda ya shigo don abu na UC 360 ya fita da kunshin 1,800 saboda "garaɓasa" ya kashe fiye da ninki huɗu na abin da yake buƙata. Shawararmu ita ce a sayi mafi ƙanƙantar haɗin da zai biya kuɗin abin da ake so, ko da kowane UC ya ɗan fi tsada, a kuma haƙura da ragowar.

Mataki na biyu: karanta sa'ar akwati kafin ka buɗe

Akwatin sa'a shi ne duk abin da za ka biya kuɗi ba tare da sanin takamaiman abin da zai fito ba. A wani gem akwati ne, a wani faifai ne mai juyawa, a eFootball kuma zaɓen ɗan wasa ne daga cikin jerin 'yan wasa. Suna daban, aiki ɗaya.

Kamfanonin ba su da damar ɓoye kason sa'ar. Apple ya wajabta bayyana shi tun Disamba 2017, Google Play kuma ya bi sahu a 2019. Sai dai ba a ce su rubuta shi da manyan baƙaƙe ba. Ka duba kusurwar shafin akwatin, za ka ga ɗan ƙaramin alamar tambaya ko harafin i, ko wani rubutu irin su Rules, Odds ko Probability. Danna shi. Idan ka duba ko'ina ba ka samu ba, kada ka buɗe akwatin.

Ga inda mutane suke ruɗewa. Sau da yawa kason da aka rubuta na rukuni ne gaba ɗaya, ba na abu ɗaya ba. Idan an ce manyan kaya kashi 1 cikin 100, kuma manyan kayan nan guda biyar ne masu kaso iri ɗaya, to rigar da ke kan hoton talla tana da kashi 0.2 ne kawai, wato ɗaya cikin 500.

Mu yi lissafin misali ɗaya har ƙarshe. Akwati yana cin UC 60 a kowane buɗi, abin da kake so kuma yana da kashi 1 cikin 100, babu wani alkawarin tabbas. Da yawa suna ɗauka cewa buɗi 100 zai kawo shi dole. Ba haka ba ne, domin kowane buɗi zaman kansa yake yi, bai san abin da ya faru a na baya ba. Ana lissafa damar samu aƙalla sau ɗaya da wannan, inda p shi ne kason sa'a, wato 0.01 idan kashi 1 cikin 100 ne, n kuma yawan buɗi, sannan a ninka amsar da 100 don ta koma kaso:

```
1 - (1 - p)^n
```

Kalkuletar waya ta isa, idan ka juya ta zuwa ɓangaren kimiyya. Da kunshin 660 za ka buɗe sau 11, damarka kuma kusan kashi 10 ce. Wato cikin mutum goma da suka kashe naira 15,000, kusan tara za su tashi babu. Kafin damar ta kai rabi da rabi sai ka buɗe sau 69, UC 4,140, kusan naira 94,000 a farashin da muka ɗauka. A buɗi na 100, bayan UC 6,000, damar kashi 63 ce, ma'ana fiye da mutum ɗaya cikin uku har yanzu bai samu ba. Kashi 90 yana buƙatar buɗi 230. Idan kuwa kason na gaskiya 0.2 ne kamar yadda muka nuna a sama, rabi da rabi kaɗai yana buƙatar buɗi 347.

Abin da ya fi cin kuɗin mutane shi ne tunanin "na kusa". Wanda ya buɗe 60 bai samu ba, damarsa a buɗi na 61 kashi 1 ce, daidai da ta wanda bai taɓa buɗewa ba. Faifan da ya juya ya tsaya dab da babbar kyauta zane ne kawai. An riga an fitar da sakamakon kafin a nuna maka juyawar.

Akwai tsari biyu da suka bambanta da wannan, kuma ya kamata ka gane su. Na farko shi ne mai alkawarin tabbas, inda ake cewa idan ka kai buɗi kaza dole babban abu ya fito. Genshin Impact ya shahara da shi: kowane buɗi yana cin duwatsu 160, damar babban jarumi kashi 0.6 ce, amma dole ya fito a cikin buɗi 90. Sai dai wanda zai fito ɗin, rabi da rabi ne ya zama wanda ake talla. Idan ba shi ba ne, sai zagaye na gaba ake tabbatar maka da shi. Farashin gaskiya na jarumin, a mafi munin hali, buɗi 180 ne, duwatsu 28,800, alhali kunshi mafi girma na dala 99.99 yana bayar da 6,480 da ƙarin kyautar 1,600. A irin wannan tsari ka lissafa mafi munin hali, ka tambayi kanka ko za ka sayi abin a wannan farashi da a fili aka rubuta shi. Ka kuma karanta ko ƙirgen da ka tara yana bin ka zuwa akwati na gaba ko yana gogewa idan wa'adi ya ƙare, domin kowane gem da dokarsa.

Na biyu shi ne irin Lucky Draw na Call of Duty Mobile: kaya goma, duk wanda ya fito ba ya maimaituwa, amma farashi yana hawa a kowane ja. Jan farko arha ne ƙwarai, na ƙarshe kuma yana ninka shi sau da yawa, kuma babbar bindigar tana da kaso ƙanƙani a farko, don haka galibi sai can ƙarshe take fitowa. Wanda ya ja biyar ya tsaya ya biya kuɗi ya tashi da ƙananan kaya. A nan hukuncin a bakin ƙofa ake yanke shi: ka nemi jimillar ja goman, idan ba za ka iya biyanta duka ba, kada ka fara na farkon.

Hukumomi ma sun sa ido a kan wannan harka. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi caca ne a ƙarƙashin dokar ƙasar, har kamfanin EA ya daina sayar da FIFA Points, kuɗin gem ɗinsa na FIFA, a can a farkon 2019. A Janairu 2025 kuma masu Genshin Impact sun amince su biya dala miliyan 20 ga FTC, hukumar kare haƙƙin masu saye ta Amurka, tare da daina sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 akwatunan ba da izinin iyaye ba.

Mataki na uku: kulle ƙofar banki

Wannan shi ne aikin minti biyar da ya fi komai tasiri, musamman a gidan da wayar uwa ko ta yaya take yawo a hannun yara.

Buɗe Play Store, danna hotonka a kusurwar sama ta dama, shiga Payments & subscriptions, sannan Purchase verification. A ƙarƙashin Verification frequency akwai zaɓi uku: Always, Every 30 minutes da Never. Zaɓi Always. A tsofaffin wayoyi za ka same shi a Settings, sai Authentication, sai Require authentication for purchases. Kada ka yarda da na minti 30. Ma'anarsa ita ce da zarar ka tabbatar da saye ɗaya, ƙofar tana nan a buɗe rabin awa. Uba ya saya wa yaro kunshin 60 ya miƙa masa waya ya tafi masallaci, kafin ya dawo an sayi na 1,800 sau biyu ba a tambayi kowa komai ba. Da yawa kuma suna kan Never ba su sani ba, saboda a ranar sayensu na farko an tambaye su ko suna son a riƙa neman tabbaci, suka danna a'a don su yi sauri.

Abu biyu suna lalata wannan makulli. Na farko zanen yatsa. Idan ka kunna tabbatarwa da yatsa, duk yatsan da aka yi wa rajista a wayar zai iya amincewa da saye, har da na ƙanenka da ka sa don ya riƙa buɗe waya. Ko ka goge nasa, ko ka kashe wannan zaɓin ka koma kalmar sirrin Google, wadda ya kamata ta bambanta da lambar buɗe allo da kowa a gida ya haddace. Na biyu, saitin yana aiki ne a kan wayar da ka yi shi kawai. Idan asusunka na Google yana kan tsohuwar wayar da ka ba yara, sai ka maimaita a can.

Bayan haka shiga Payment methods ka ga katunan da ke ajiye. Idan babu dalilin barinsu, bi More payment settings ka cire su. Wanda yake saye lokaci-lokaci gara ya haɗa katin wani ƙaramin asusu dabam, ya riƙa tura masa daidai abin da zai kashe. Katin albashi ko na kuɗin jari ba shi da aiki a Play Store. Wannan iyakar ta fi kowace ƙarfi, domin asusun da babu kuɗi ba a cire komai a cikinsa.

Akwai kuma Budget & history, inda ake saita kasafin wata. Yana da amfani wajen ganin jimillar abin da ka kashe, amma ka sani ba ya hana saye idan ka wuce iyaka, nuni kawai yake yi. Haka ma maƙale manhaja ɗaya a allo don kada yaro ya fita daga gem: shagon yana cikin gem ɗin, don haka bai hana komai ba.

Idan yaro yana da wayarsa, yi masa asusu a ƙarƙashin Family Link, manhajar Google ta kula da wayar yara, ka saita amincewar saye ta yadda kowane saye na cikin manhaja sai buƙata ta zo wayarka. A iPhone hanyar ita ce Settings, Screen Time, Content & Privacy Restrictions, iTunes & App Store Purchases, sannan ka mayar da In-app Purchases zuwa Don't Allow, ka sa Require Password a kan Always Require. Lambar Screen Time ita ma kada ta zama ta buɗe waya.

Ka leƙa Subscriptions kafin ka fita. Wasu tayin na mako ko na wata, masu ba da kuɗin gem kaɗan-kaɗan kullum, suna sabunta kansu. Goge gem daga waya ba ya soke su. Sai ka shiga nan ka danna Cancel subscription da hannunka.

Ƙofa ta biyu ba ta da makulli

Duk saitin da muka yi yana tsare fitar naira ne. Da zarar UC ya shiga asusun gem, Google ba ya sake tambayar kowa. Yaron da ya ari waya zai iya ƙarar da UC 3,000 a akwatuna cikin minti biyu, kuma abin da aka buɗe ba ya komawa. Kai kanka kana iya yin kuskuren, domin maɓallin buɗi ɗaya da na buɗi goma suna zaune kusa da juna, na goman kuma shi ya fi girma da haske. Wannan ba zargi ne kawai na 'yan wasa ba. A Disamba 2022 Epic Games, masu Fortnite, sun amince su biya dala miliyan 245 don a mayar wa mutane, bayan FTC ta zarge su da tsara maɓallai ta yadda danna ɗaya ke cire kuɗi, har ga wanda yake son duba kaya kawai.

Maganinsa shi ne kada ka ajiye kuɗin gem. Sayi UC a ranar da za ka yi amfani da shi, ka kashe shi a kan abin da ka yi niyya, ka bar asusun kusan fanko. Idan akwai akwatin zaɓi mai cewa kada a sake nuna gargaɗin tabbatarwa, ko wanda ke cewa a cike gurbin tikitin buɗe akwati da UC kai tsaye, kada ka sa masa alama. Na biyun nan shi ke sa mutum ya ɗauka tikitin kyauta yake kashewa alhali tikitin ya ƙare tuni. Tallan da ke faɗowa da zarar an buɗe gem kuma, a jira ya gama bayyana kafin a nemi alamar rufewa.

Game da saye a wajen Play Store: shaguna irin su Midasbuy da Codashop lambar ɗan wasa suke nema, wato Player ID, su nuna maka sunan asusun kafin ka biya. Karanta sunan da kyau, domin lamba ɗaya da ta kuskure tana kai UC ɗin asusun wani. Makullin Play Store da Family Link ba sa aiki a nan, don haka yaron da ya san lambobin katinka ko lambar sirrin manhajar bankinka ya zagaye duk abin da ka saita. Duk wanda kuma ya nemi kalmar sirrinka ta Facebook ko Google, ko lambar da banki ya turo maka, da sunan zai loda maka UC mai arha ko na kyauta, asusun yake so ya sace.

Idan kuɗin ya riga ya fita

Da ganin alat, fara da toshe ɓarakar: canza saitin tabbatarwa, cire katin. Sannan ka hana kowa taɓa UC ɗin da ya shiga, domin neman mayarwa ya fi sauƙi idan ba a kashe shi ba.

Duba imel ɗinka, akwai rasit daga Google Play mai lambar oda da ta fara da GPA. Shiga play.google.com a burauza, je tarihin sayayya, nemo odar, danna Request a refund ko Report a problem, ka zaɓi dalilin da ya dace da gaskiyar abin da ya faru. Yi wannan cikin awa 48. Bayan wannan lokaci galibi za a tura ka wajen kamfanin gem ɗin ne, shi kuma yana da nasa sharuɗɗan. Idan ba kai ba ne kuma ba wani na gida ba ne ya yi sayen, wato sata ce, Google yana da fom dabam na cirewar da ba a ba da izini ba, wanda ake cikawa cikin kwana 120, kuma a ranar ya kamata ka sa banki ya toshe katin ka canza kalmar sirri. Masu iPhone su shiga reportaproblem.apple.com.

Kada ka cika fom ɗin sata a kan sayen da ɗanka ya yi, hanyarsa ita ce ta farko. Kuma kada ka nemi a mayar maka da kuɗin UC ɗin da ka riga ka buɗe akwatuna da shi don kawai abin da kake so bai fito ba. Kamfanonin gem suna ganin duk kuɗin da aka janye. Wasu sukan cire adadin daga asusunka har ya koma bashi, ba za ka iya sayen komai ba sai ka cike gurbin, wasu kuma sukan rufe asusun gaba ɗaya da duk kayan da ka tara a ciki. Idan kuɗin da yawa ne kuma yaro ne ya kashe, tura wa sashen taimako na gem ɗin lambar GPA da Player ID da hoton rasit tun kafin ka shigar da buƙatar mayarwa, ka tambaye su abin da zai sami asusun idan Google ya amince.